Ladan Bin Ƙa'ida Ya Zama Zargi

'Yan uwa malamai, da yawa daga cikinmu sun koma ƙaro ilimi, 'ya'yanmu kuma suna kwalejoji da jami'o'i. A wasu makarantun, kafin a karɓi kundi ko rahoto sai an gabatar da shi ga manhajar da aka ce tana gane rubutun da na'ura ta tsara. Yawanci sassan da take yi wa jan tambari su ne tsakuren kundi, da rahoton ɗakin gwaje-gwaje, da sharuɗɗan doka. Muna ganin wajibi ne mu san dalilin haka, domin mutuncin ɗalibi ne a kan ma'auni.

Manhajar ba ta ganin hannun da ya yi rubutu, lissafi kawai take yi. Akasarin irinta suna bin rubutu kalma bayan kalma, suna auna sauƙin cankar kalmar da za ta biyo baya. Idan aka ce "Assalamu", kowa ya san abin da ke tafe. Da yake na'urar rubutu takan zaɓi kalmar da aka fi tsammani, sai aka ɗauka duk rubutun da ba ya ba da mamaki nata ne. Wasu kuma suna ƙarawa da duban tsawon jimloli: idan sun yi kama da juna, zargi ya ƙaru.

To, akwai rubutun da ƙa'idarsa ita ce kada ya ba da mamaki. Mu ɗauki ɗalibar da ta yi gwajin auna asid. Za ta rubuta cewa an zuba mililita 25 na sinadarin soda a kwalba, an ɗiga launi sau uku, sannan an riƙa ɗiga asid har ruwan ya sauya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Duk 'yan ajinsu haka za su rubuta, haka ma na bara, domin hanyar ɗaya ce. Abin da ya zama nata kawai shi ne alƙaluman da ta karanta, a ce 24.3 da 24.1 da 24.1, da bayanin abin da ya sa na farkon ya bambanta. Manhajar kuwa ba ta da hanyar sanin ko yarinyar ta tsaya a gaban kwalba.

Tsakure ma haka yake: manufa, hanyar bincike, sakamako, shawarwari, duk a sakin layi ɗaya. Lauya kuwa da gangan yake maimaita lafazin da kotuna suka saba fassarawa, don sauya kalma ɗaya kan buɗe ƙofar jayayya. Mu kanmu sau nawa muka rubuta "a ƙarshen darasi, ɗalibai za su iya" a tsarin darasinmu? Bugu da ƙari, da irin waɗannan rubuce-rubucen aka horar da na'urar, ta gan su sau dubbai. Ita ce ta kwaikwayi mutane, amma sai a ce mutane sun yi kama da ita.

Hujjoji suna nan. A shekarar 2023 an saka sassan kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka rubuta a 1787, a wata manhajar, ta ce aikin na'ura ne. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manhajoji bakwai da rubutun jarrabawa 91 na waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su; a matsakaicin lissafi, fiye da kashi 60 cikin 100 aka jingina wa na'ura bisa kuskure. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mai rubutu da harshe na biyu yakan riƙe jimlolin da aka koya masa. Kamfanin OpenAI ma ya janye tasa manhajar a watan Yuli na 2023 saboda ƙarancin dacewarta.

Ba mu musun cewa akwai masu maguɗi, kuma tsakure yana cikin abin da na'ura ta fi saurin tsarawa. Amma wannan shi ne ya sa a nan ne manhajar ta fi kasa raba mai gaskiya da maƙaryaci. Ga kuma ɓarna ta biyu: ɗalibai sun fara karkata jimloli ingantattu don su tsere wa tambarin, har hanyar gwaji ta rasa ma'ana.

Ra'ayinmu shi ne a fara duba inda tambarin ya sauka. Idan a kan hanyar gwaji ne ko lafazin doka, ba ya nuna komai. A nemi littafin da aka rubuta alƙaluma da daftarin farko, sannan a zaunar da ɗalibar a tambaye ta me ya sa ta ajiye 24.3 ta yi lissafi da sauran biyun. Wadda ta yi aikin za ta amsa cikin minti biyu. Mu ne muka koya wa yara bin ƙa'ida, bai kamata mu yi shiru ana hukunta su don sun bi ta ba.