Kafin ka buɗe CapCut, ka fara ƙirga gurabenka

Bayan bikin ƙanwata, an tara mini bidiyon da aka ɗauka da wayoyi uku aka ce in haɗa ɗan gajere da za a tura wa dangi. Da na lissafa, sai na ga awa uku da minti arba'in ne, a fayiloli 94. Na zuba su cikin CapCut na fara yanka daga na farko, duk abin da ya yi mini kyau in bar shi. Bayan kwana biyu na fito da bidiyo mai minti goma sha ɗaya. Na tura wa amaryar, ta ce, "Yaya, sannu da aiki." Da na tambaye ta yadda ta ga wurin kai amarya da ke ƙarshe, sai ta yi dariya ta ce ai ba ta kai can ba tukuna.

Daga nan na ɗauki ra'ayin da nake kai har yanzu: mafi yawanmu muna zaɓen yanki ne da tambayar da ba ita ba ce. Muna tambayar ko yankin ya yi kyau, alhali a cikin awa uku abin da ya yi kyau ya fi ƙarfin gajeren bidiyo. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne gurbi nawa gare ka, sannan kowane yanki ya yi takarar shiga.

Lissafin ba wuya. Na yanke cewa bidiyo na biyu minti ɗaya zai zama. Awa uku da minti arba'in minti 220 ke nan, wato cikin kowane sakan 220 guda ɗaya kawai zai tsira. Idan kowane yanki zai ɗauki kamar sakan uku, gurabe ashirin nake da su. Na raba su tun ban kalli komai ba: huɗu na kamu, huɗu na ɗaurin aure, shida na walima, huɗu na kai amarya, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Amfanin wannan rabo shi ne yana hana abin da ka fara kallo cinye wurin abin da ke baya. A karon farko kamu kaɗai ya kwashe minti biyar, don kawai shi na fara yankawa lokacin da ban gaji ba.

Sai kallo. Ban buɗe manhajar yanka ba sam. Na kalli komai a VLC da ninki biyu na sauri, abin da ya ɗauke ni kusan awa biyu, da takarda a gefena. Duk inda wani abu ya tsayar da ni sai in rubuta sunan fayil, da mintin, da kalma biyu ko uku: fayil kaza, 02:15, Gwaggo ta fashe da kuka. Dalilin guje wa manhajar yanka a wannan mataki shi ne, da zarar ka ɓata minti goma kana gyara wani yanki, zuciyarka ba za ta bari ka jefar da shi ba ko da bai cancanta ba. Layi ɗaya a takarda kuwa ba ya wuyar sokewa. Da na gama, layi 57 na samu.

Rage 57 zuwa 20 shi ne ainihin aikin, kuma ma'auni ɗaya na yi amfani da shi: tsakanin farkon yankin da ƙarshensa, wani abu ya canza? Akwai wani ɗauka mai kyan gaske na ɗakin walima, fitilu da furanni, kyamara ba ta ko motsa ba. Amma sakan na farko da na goma duk ɗaya ne, hoto ne da ya yi shigar bidiyo. Na cire shi. A gefe guda akwai wani yanki mai rawa, haske ma bai isa ba, inda kakarmu take yi wa amarya nasiha, muryarta ta sarƙe, ta yi shiru, sannan ta jawo ta jikinta. Wannan na ba shi sakan shida, gurbi biyu ke nan, na sadaukar da ɗaya daga cikin na walima. Shi ne kuma wurin da kowa ya yi mini magana a kai daga baya.

Ba ina cewa inganci ba shi da amfani ba. Iyakar da na sa ita ce, rawar hoto da ƙarancin haske ana yafe su idan ana gane fuska. Sauti kuwa ba a yafe shi idan magana ce dalilin ajiye yankin. Ka saurare shi da lasifikar waya, kada ka sa abin kunne, don da ita yawancin mutane za su kalla. Idan sai ka maimaita kafin ka ji abin da aka ce, su ba za su maimaita ba. Kuma wajen yankawa ka bar kamar rabin sakan kafin abin ya faru da rabin sakan bayansa. Idan ka yanke daidai kan dariya, mai kallo zai ga haƙora ne bai ga abin da ya jawo su ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini. Wata innarmu ta kira ni ta ce, "Wato ni ban zo bikin ba ke nan?" Tana da gaskiyarta. A wurinmu bidiyon biki shaida ce ta wanda ya yi kara, kuma cire mutum yana iya zama abin magana. Amma gurabe ashirin ba za su ɗauki mutum ɗari biyu ba, in ka matsa sai ka koma minti goma sha ɗayan da ba a kalla. Abin da na yi shi ne na haɗa dogo daban, ba tare da wani gyara mai yawa ba, inda kowa ya fito, na tura shi ga dangi kawai. Na ba Inna haƙuri na tura mata shi, maganar ta wuce.

Akwai kuma yankin da ya ci duk gwajin nan amma na cire shi. Ƙawayen amarya ne suna rawa a cikin ɗaki ranar kamu, mata zalla, wasu ba mayafi. Shi ya fi kowane yanki rai. Sai dai sun yi rawar ne a tsakaninsu, gajeren bidiyo kuma shi ne wanda ke tsallakawa daga wannan rukunin WhatsApp zuwa wancan, har ya faɗa TikTok a hannun wanda bai san su ba. In ya fita ba ka da maɓallin dawo da shi. Na tambayi amaryar, ta ce biyu daga cikinsu matan aure ne kuma ba za su so ba. Na maye gurbin da hannayen da aka yi wa lalle suna tafi.

Bidiyon ya tashi a sakan 62. Ƙanwata ta kalle shi a gabana har ƙarshe, ta sake kunna shi, sannan ta ce in turo mata da ainihin fayil ɗin kakarmu gaba ɗayansa.