Kalmomi daidai, saƙo kamar umarni: abin da fassara ke zubarwa a imel

1/
Zare. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda mu ɗalibai muke rubuta wa malamai da ofisoshi imel da Turanci. Sau da yawa ba Turancin ne ya gagare mu ba. Ladabin ne yake zubewa a hanya, tsakanin Hausar da ke cikin kai da Turancin da ke kan allo. Ni ma na faɗa ramin, shi ya sa zan fara da kaina.

2/
Lokacin hutu ina gida Shinkafi. Babi na biyu na furojet ɗina yana hannun sufabaiza, kuma sashe ya ce Juma'a za a rufe karɓar fom mai sa hannun malami. Duk wanda ya san hanyar Shinkafi zuwa Kaura Namoda a shekarun nan ya san ba tafiya ce ta "bari in je in dawo" ba. Sai na ce to, imel.

3/
Abin da na tsara a raina, da Hausa, ga shi:

Ranka ya daɗe, ina so ka ɗan duba mini babi na biyu, ka turo mini kafin Juma'a. Ina jiran amsarka.

Da a gabansa na faɗi haka, bayan gaisuwa, a durƙushe, da murya ƙasa-ƙasa, ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

4/
Abin da na tura kuwa:

"Sir, I want you to check my chapter two and send it to me before Friday. I am waiting for your reply."

Ku duba da kyau. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya. Amsar da ta dawo layi ɗaya ce, ma'anarta: yaushe ka ɗauke ni aiki? Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa.

5/
Da farko na ce malamin ne mai zafi. Bayan kwana biyu na sake karanta saƙon kamar ni aka aiko wa, sai na ga shi ke da gaskiya. Ba a durƙusawa a imel, ba a jin murya. Kalmomin kaɗai suka isa wurinsa, su kuma da suka isa, sun isa da kayan wani oga.

6/
Mu fara da "ina so ka". A Hausa wannan bayyana buƙata ce kawai, yaro yana faɗa wa babba in ya haɗa da gaisuwa da girmamawa. "I want you to" kuwa a Turancin ofis bakin mai gida ne ga yaronsa. Ta sa son ranka a gaba, ta maida wancan mai cika maka shi. Ba ta bar masa ƙofar cewa a'a ba. Fassarar daidai take kalma da kalma, matsayin mai magana ne ya juye.

7/
Sai "ɗan". Wannan 'yar kalmar ita ce ta fi ba ni haushi, don ita ta ɗauki rabin ladabin jimlar kuma ita ta fara ɓacewa. "Ka duba mini" da "ka ɗan duba mini" ba ɗaya ba ne, kowane Bahaushe ya sani. Ta biyun tana cewa: na san ina ɗora maka nauyi, ina ƙoƙarin rage shi.

8/
To da me za ka fassara ta? Ba za ka rubuta "check small" ga malami ba. Sai hannu ya tsallake ta kawai, ba tare da ka lura ba. Abin da ya kamata shi ne ka nemi inda Turanci ke ajiye irin wannan sauƙin, kuma a cikin aikatau yake ajiye shi. "Check" kan ji kamar an ba ka aiki. "Have a look at" ta fi kusa da "ɗan duba".

9/
Na uku, kuma nan ne gundarin maganar. Hausa tana da matakala wajen roƙo:

Turo.
Ka turo.
Don Allah ka turo.
A turo mini.
Ko za a taimaka a turo mini?
Da za a taimaka a turo mini, da na ji daɗi.

Duk ɗan Shinkafi da ya taɓa roƙon ragi a kasuwar Alhamis, ko ya je wurin hakimi da buƙata, ya san wace zai taka a wane wuri.

10/
Matsalar ita ce in ka fassara kai tsaye, matakala huɗun farko duk suna rushewa su koma abu guda: "send". Turanci ba ya bambanta "turo" da "ka turo". Ba shi kuma da wannan "a" ɗin namu da ke cire mutum daga tsakiyar magana, yadda ba ka nuna shi da yatsa ba. Kai kana jin ka rubuta "a turo mini", shi yana karanta "turo".

11/
Turanci yana da tasa matakalar, sai dai ba a wuri ɗaya take da tamu ba. Abu biyu yake yi. Yana maida umarni tambaya, sannan yana ja da aikatau baya kamar abin ba yanzu ba ne. "Can" ta koma "could", "will" ta koma "would". Shi ya sa "Could you send it?" ta fi "Can you send it?" taushi, ita kuma ta fi "Send it" nesa ba kusa ba.

12/
In wannan ya yi maka baƙo, tuna da "da za a... da na ji daɗi". Dabara ɗaya ce. Kana maganar kamar abin zato ne, ba abin da ka riga ka yanke ba, don wanda kake roƙo ya ji cewa zaɓi yana hannunsa. "I would be grateful if you could" ita ce 'yar'uwarta ta jini. Ranar da na gane haka na daina haddace waɗannan jimloli kamar karatun aku.

13/
Yanzu ga inda zan saɓa da mutane da yawa. An koya mana tun sakandare cewa "please" ita ce maganin komai. Ba haka ba ne. "Please send it before Friday" har yanzu umarni ne, an dai sa masa hula. Ga abokinka ko ɗan ajinku ba laifi. Ga wanda ke sama da kai, kuma alfarma kake nema, ba ta isa ba.

14/
Haka "kindly". A ofisoshin Najeriya kowa na amfani da ita, ba mai ɗaga gira. Amma ku lura da inda muka fi ganinta: takardun sanarwa da ake liƙawa a allo, daga hukuma zuwa ɗalibai. Daga sama take saukowa. In kana rubuta wa jami'ar waje neman gurbi ko tallafin karatu, mai karantawa zai iya jin ta kamar gargaɗi cikin ladabi. Ni dai na ajiye ta.

15/
Wata masaniyar harshe, Jenny Thomas, ta yi rubutu kan wannan tun 1983. Abin da ta nuna shi ne, in ka yi kuskuren nahawu, mai sauraro zai ce ba ka ƙware a harshen ba, ya yi maka uzuri. In kuwa nahawunka daidai ne amma ka saɓa yadda ake roƙo, hukuncin kan halinka yake faɗawa. Wato gwargwadon kyan Turancinka, gwargwadon ƙarancin uzurin da za a yi maka. Abin da ya same ni ke nan.

16/
Sauran biyun ba sai na ja su ba. "Kafin Juma'a" ba tare da dalili ba wa'adi ne ka gindaya wa malaminka. Faɗi wanda ya sa wa'adin, sai ya zama kai ma matsa maka aka yi. "Ina jiran amsarka" kuma a wurinmu nuna muhimmanci ne, amma "I am waiting for your reply" tana kawo hoton mutum tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.

17/
Wata da ke cin mutane ita ce "ya kamata". Muna cewa "ya kamata a duba lamarin nan" ba tare da mun zargi kowa ba. Ka juya ta zuwa "you should look into this", ka zama mai yi wa shugaban sashe nasiha.

18/
Wani zai ce ai wannan bautar Turawa ce, me ya sa sai mun bi salonsu? Ina jin wannan ƙorafin, amma gwada ta ɗaya ɓangaren. Ɗauki "Could you send me the file?" ka fassara kai tsaye: "Za ka iya turo mini fayil ɗin?" Ba sallama, ba ina kwana, ba ya iyali. Tura wa kawunka haka ka gani. Zai ce yaron nan boko ya ɓata shi, har ma tambayata yake ko zan iya.

19/
Kowane harshe da inda yake ɓoye ladabinsa. Namu ya zuba da yawa a gaisuwa, da laƙabi irin su Malam da ranka ya daɗe, da "ku" ga mutum ɗaya, da "a", da "ɗan". Kusan duk waɗannan ba sa tsallaka fassara da rai. In ka cire su ba ka mayar da komai a gurbinsu ba, ƙashin jimlar kaɗai ka tura.

20/
Amma kar a wuce gona da iri. Na ga saƙon wani abokina da ya cika layi shida da ban haƙuri da godiya, har ka gama ba ka san me yake nema ba. Malamin da ke da ɗalibai rututu ba zai tona ba. Taushi ɗaya a kan aikatau ɗin roƙon ya wadatar. Sauran saƙon ya fito fili: me kake so, yaushe, saboda me.

21/
Gwajin da nake yi yanzu kafin in danna Send: in nemo jimlar da ke ɗauke da buƙatar, in tambayi kaina, shin zai iya amsa ta da "a'a, ba zan samu dama ba" ba tare da an ji wani iri ba? In ba zai iya ba, umarni na rubuta. In jimlar ta fara da aikatau tsirara, ko da "I want", ko "I need you to", sai in sake ta.

22/
Ga abin da na sake turawa, bayan layi ɗaya na ban haƙuri kan saƙon farko:

"Would it be possible for you to have a look at my chapter two this week? The department closes submission of the signed form on Friday, and I am at home in Shinkafi and cannot travel easily. I would be grateful for any comments you have time to give."

23/
Buƙatar ba ta canza ba, Juma'ar ma tana nan. Bai amsa ba sai ranar Laraba da dare. Ya dawo da babin da gyara a kusan kowane shafi, ya ce in turo ɗan ajinmu ya karɓi fom ɗin a ofishinsa da safe. Maganar saƙon farko bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba.