Zaƙin Baki Ba Shi Ne Haɗin Kai Ba

Duk lokacin da kwamitin ikilisiya ya zauna domin ɗaukar ma'aikacin jinya a ɗakin shan magani, akwai tambayar da ba mu rasa yi: "Kana iya aiki tare da mutane?" Ba mu taɓa jin wanda ya ce a'a ba. Saboda haka wanda ya fi iya jera Turanci shi ke samun aikin, bayan wata uku kuma sai mu ji ba ya ga maciji da abokan aikinsa.

A ganinmu laifin na tambayar ne. Mu daina tambayar ra'ayin mutum, mu tambaye shi abin da ya taɓa yi. Misali: "Ba mu labarin ranar da ka tarar abokin aikinka ya yi kuskure a kan majiyyaci." Sa'an nan a bi shi da ƙananan tambayoyi 3: Me ya faru? Kai da kanka me ka yi? Yaya aka ƙare? Kowa a yi masa waɗannan tambayoyin, a jere ɗaya, cikin lokaci ɗaya.

Tun kafin a kira kowa, kwamiti ya rubuta ma'aunin maki. Maki 1 ga wanda ya yi wa'azi a kan haɗin kai ba labari, ko ya tsaya kushe ɗan'uwansa. Maki 3 ga wanda ya gyara kuskuren shi kaɗai ya yi shiru. Maki 5 ga wanda ya fara kare majiyyaci, ya yi magana da mai kuskuren, ya kuma sanar da na gaba da su.

A ce mutum biyu sun zo. Na fari ya yi minti 5 yana zuba, amma da aka ce wace rana ce, sai kame-kame. Ta biyu murya na rawa ta ce ta karɓi aikin dare, ta ga ba a rubuta allurar ƙarfe shida a kati ba, sai ta kira wadda ta tashi ta tabbatar kafin ta maimaita allurar, da safe suka je wurin sista tare. Ita ce mai 5, shi mai 1.

A ba kowa tambayoyin a takarda minti 10 kafin ya shiga, a bar shi ya amsa da Hausa in ya so. Wanda kunya ta sa yana ta cewa "mun yi", a tambaye shi nasa rabon. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa kafin shugaba ya buɗe baki, in ba haka ba duk za a bi bayansa.

Gaskiya ne wani zai iya haddace labarin ƙarya. Maganinsa a tuntuɓi inda ya yi aiki a dā. Mu kuma tuna, a Fitowa sura 4, Haruna ne mai iya magana, amma Musa mai nauyin baki aka ba jagorar jama'a.