Zoɓo Ba Ya Tururi, Ku Daina Raina Mana Hankali

Masu sayar da abinci a Instagram da WhatsApp sun samu sabon abin yayi, wato haɗa hoton kayansu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ban ƙi ba, kowa ya san tsadar kiran mai hoto. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ganganci. Sai ka ga robar zoɓo jiƙe da raɓa kamar yanzu aka ciro ta daga firiji, amma tururi na tashi daga bakinta. Ka ga kilishi yana tururi, alhali abin da aka shanya ya bushe ƙayau ba shi da ruwan da zai fitar. Ka ga miyar kuka koriya shar kamar fenti. Wa ake so a yaudara? Mutanen da suka tashi a gindin murhu?

Laifin ba na manhaja ba ne, na mai rubuta umarnin ne. Ga irin abin da ake kwafowa a manna ba tare da an karanta ba:

```
delicious zobo drink, steam, water droplets, vibrant colors, ultra realistic, 8K
```

Duk kirari ne, babu kwatance ko ɗaya. An nemi tururi da raɓa a kan abu guda, manhaja kuwa ta ba da duka biyun, domin ba ta taɓa shan zoɓo ba. Kalmomi irin su `vibrant` da `8K` kan ja hoton zuwa launi mai kashe ido da sheƙin roba. Mai son hoton da za a yarda da shi sai ya daina yabon abincin, ya faɗi abin da ido ke gani da kuma dalilinsa.

Mu fara da raɓa. Ba daga cikin kwalba take fitowa ba. Damshin da ke cikin iska ne ke zama ruwa idan ya taɓa jiki mai sanyi. Shi ya sa da damina kwalba ke jiƙewa sharkaf cikin ɗan lokaci, amma da hunturu a Kano, lokacin da iska ta bushe, da ƙyar za ka ga ta yi gumi. Wannan dalili shi ke tsara kamannin raɓar. Tana yin kauri ne daidai inda abin shan ya kai, wuyan kwalba da babu komai a cikinsa kusan a bushe yake. Ɗigon ba girmansu ɗaya ba, akasari ƙanana ne kamar hazo, wasu su haɗe su yi nauyi su gangaro, su bar layi a bayansu, sannan ruwan ya taru a gindin kwalbar. Idan ka ga ɗigo manya-manya, masu girma ɗaya, an jera su daga murfi har ƙasa, teburin kuma a bushe, hoton ya tona wa kansa asiri. Ga yadda za a rubuta a Midjourney:

```
cold dark-red hibiscus drink in a clear 50cl bottle, fine uneven condensation up to the liquid line, two drips running down, wet ring on wooden table, soft window light from back left --style raw --stylize 50 --no steam
```

Kowane yanki da aikinsa. An kwatanta abin shan da launinsa da furen da ake yin sa, domin manhajar ba lallai ta san sunan zoɓo ba. An ƙayyade inda raɓa za ta tsaya, an nemi ɗigo biyu kacal su gangaro. Hasken taga daga baya shi ke ratsa gefen kwalbar ya fito da jan nan mai kyau, tsakiyarta ta zauna da duhunta, yadda zoɓo mai kauri yake. `--stylize` yana farawa ne daga 100 idan ba a taɓa shi ba, rage shi zuwa 50 na hana manhajar ƙara kwalliyar da ba a sa ta ba. Tururi kuwa an kore shi da `--no`, domin idan ka rubuta hanin a cikin jimla, manhajar na iya ganin kalmar ta zana maka abin da ka hana.

Tururi na abinci mai zafi ne mai ruwa: tuwo, farfesu, dafa-duka da aka sauke yanzu. Abin da ido ke gani ƙananan ɗigon ruwa ne da ke samuwa idan zafin ya haɗu da iska mai sanyi, kuma ba su fitowa a hoto sai haske ya buge su ta baya ko ta gefe, bayansu kuma akwai duhu. Wanda ya nemi farin bango da haske ta gaba, sannan ya dage sai an sa tururi, zai samu farin hayaƙi mai kauri kamar an ƙona shara a bayan faranti. Ka nemi siririn tururi, zare biyu ko uku, yana tashi daga saman shinkafar, yana watsewa kafin ya yi nisa. Ka kuma duba tushensa. Idan daga gefen faranti yake fitowa, ko daga yankan kokwamba da ke kusa, jefar da hoton.

Batun launi da sabuntar abinci nan ne son zuciya ya fi yawa. Miyar kuka koriya ce mai duhu, ta ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa saboda daddawa da yaji. Dafa-duka ja ce mai ratsin ruwan lemo, wani wuri ya fi wani kamawa, har da ɗan ƙanzo. Waɗannan ake rubutawa. Abinci sabo ba a gane shi da rashin aibi, ana gane shi da ƙwayar shinkafa biyu da suka faɗo gefen faranti, da albasar da yankanta bai daidaita ba, da ƙuli-ƙulin da ya fi taruwa a wani ɓangaren tsire. Sheƙi ya tsaya inda mai yake. Awo mafi sauƙi shi ne a sa farin faranti a hoton. Idan ya koma rawaya ko ruwan lemo, to launin abincin ma ƙarya ne.

Wani zai ce ai masu hoton talla sun daɗe suna dabara. Haka ne. Suna fesa gilisarin gauraye da ruwa a jikin kwalba don ɗigon su daɗe, suna ɓoye jiƙaƙƙiyar auduga mai zafi a bayan kwano don tururi. Amma ko a can akwai iyaka. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Campbell's na Amurka ya shiga hannun hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, saboda zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwano don kayan miyar su taso sama su yi kamar suna da yawa. A Najeriya ma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana tallar da ke ɓatar da mai saye. Gyara haske daban, ƙara naman da babu shi daban.

Saboda haka Hajiya mai abincin oda, da kai Malam da ke karɓar kuɗinta kana haɗa mata hoto, ku ji da kyau. Ku ɗauki hoton abincin na gaskiya a bakin taga, ku ba manhajar ta gyara bango da haske kawai, sannan ku ajiye abin da ta fitar kusa da robar da za ku aika wa mai saye. Yanka uku kuke sawa, hoto ya nuna uku. Tauye mudu ba a kasuwar hatsi kaɗai ake yin sa ba, kuma wanda ya biya kuɗi ya buɗe leda ya ga saɓanin abin da aka nuna masa, ba zai dawo ba, zai kuma gaya wa dangi.