KYAUTAR DA AKA BIYA KUƊINTA BA KYAUTA BA CE

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko watan Disamba ya kama, sai kantunan Titin Ahmadu Bello da rumfunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi su cika da alluna masu cewa "Garaɓasa!", "Sayi ɗaya a ba ka ɗaya kyauta!", "Saura kaɗan, a hanzarta!" Daga Kawo har Unguwar Rimi babu inda kunne zai huta. Su wa ke rubuta waɗannan kalmomi? Da yawansu mu ne, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda 'yan kasuwa kan ɗauka aikin mako biyu ko uku don mun iya sarrafa harshe. To, jama'a, abin da nake so mu fahimta shi ne, "kyauta" da "saura kaɗan" ba adon magana ba ne. Da'awa ce wadda ake iya aunawa da lissafi, kuma wanda ya rubuta ta ba tare da hujja a hannu ba ya yi ƙarya, ko da da sunan wani ya yi ta.

Mu fara da kyauta. Bahaushe ya san gyara tun kaka da kakanni. Sai an gama ciniki, an auna tiya ta cika, sa'an nan mai hatsi ya ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba ya rage mudu don ya yi gyara, ba ya kuma ƙara kuɗi. Wannan ita ce ƙa'idar gaba ɗayanta. A ce wani mai kanti yana sayar da shadda yadi biyar a kan naira 20,000 tun watan jiya. Salla ta matso, sai ya mai da ita naira 23,000, ya ce a rubuta masa, "Duk wanda ya sayi shadda za a ba shi hula kyauta." Hular nan naira 2,000 ake sayar da irinta a rumfar da ke kusa. Ashe mai saye ya biya kuɗin hula, ya kuma ɗora naira 1,000 ladan yaudararsa da aka yi. Haka abin yake idan an bar kuɗin yadda yake amma an rage yadin, ko an sauya shaddar da wadda ba ta kai ta ba, ko kuma aka ce sai an biya "kuɗin rajista" kafin a karɓi hular. Saboda haka abu na farko da marubuci zai nema shi ne kuɗin kayan na makonnin baya, a rubuce. In kuɗi ya tashi rana ɗaya da fitowar kyauta, to, alƙalami ya dakata.

Sai "saura kaɗan". Wannan magana tana da fuska biyu, kuma kowace da irin cutarta. Fuska ta farko, sito cike yake maƙil, amma a ce kaya sun kusa ƙarewa, don a hana mutum zagaya kasuwa ya taya a wani wuri. Alamarta ita ce allon da ya ce "yau ce ranar ƙarshe" ya kwana wata guda a rataye. Fuska ta biyu ta fi muni. A ce mai kanti yana da fanka 12 kacal da zai sayar da rangwame, amma ya sa a yi ta shela a rediyo har kwana 14. Kafin azahar ɗin ranar farko sun ƙare. Sauran kwana 13 fa? Magidanci zai biya kuɗin mota daga Malali, ya iso a ce masa, "Ai waccan ta ƙare, amma ga wata mai tsada." Wannan ba talla ba ce, ƙugiya ce da tana a bakinta. Maganinta kuwa mai sauƙi ne: a faɗi adadi, a faɗi rana. A rubuta, "Fanka 12 ne, a reshenmu ɗaya, daga Litinin har su ƙare," kuma ranar da suka ƙare a janye tallar.

Kada wani ya zaci wannan wa'azi ne kawai, babu doka a bayansa. Tun 1988 aka kafa hukumar APCON don kula da sana'ar talla a Nijeriya, a 2022 kuma sabuwar doka ta maye gurbinta da ARCON, wadda ke da kwamitin da ke tace talla kafin a fitar da ita ga jama'a. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa wajen tallata kaya. Ƙasashen Tarayyar Turai ma, a dokarsu ta 2005, sun jera dabarun da aka hana ƙwata-ƙwata, a ciki har da kiran abu kyauta alhali sai an biya, da ƙaryar ƙurewar lokaci, da kiran jama'a ga kayan da aka san ba za su isa ba.

Mai ganin alkawarin talla wasa ne ya tuna da kamfanin Hoover na Ingila. A 1992 ya yi shelar cewa duk wanda ya sayi kayansa na fam 100 zai sami tikitin jirgin sama biyu kyauta, har zuwa Amurka. Kuɗin tikitin ya ninka kuɗin kayan, jama'a kuwa suka yi lissafin da kamfanin bai yi ba, suka yi ta saye. Aka shiga ɓoyewa bayan ƙananan sharuɗɗa, aka shiga kotu, asara ta kai wajen fam miliyan 50, aka kori manyan shugabanni, a 1995 kuma aka sayar da reshen Turai ga kamfanin Candy na Italiya.

Na san abin da wasunmu za su ce: "Ni ɗan aike ne, abin da Alhaji ya faɗa na rubuta." Ɗan aike ba ya zaɓen kalma, kai kuwa don zaɓen kalma aka biya ka. Wasu kuma su ce, "Ai mun sa 'akwai sharuɗɗa' a ƙasa." Sharaɗi yana fayyace magana ne, ba ya warware ta. In babban rubutu ya ce kowa zai samu, ƙaramin rubutu ba shi da ikon cewa mutum 50 na farko ne kawai. A rediyo ma, sharaɗin da aka karanta da gudu kamar ana korar mai karatun daidai yake da wanda ba a faɗa ba. In kuwa sai an yi ƙuri'a kafin a sami kyautar, to, a ce "za ka iya cin kyauta", kada a ce "za a ba ka", a kuma tabbatar mai kanti ya nemi izinin hukuma.

Ya ku 'yan'uwana, kafin ku karɓi aikin Sallar bana ko na Kirsimeti, ku nemi abubuwa uku a takarda: tsohon kuɗin kaya, adadin abin da ke sito, da ranar rufe garaɓasa. Ɗan kasuwar kirki zai miƙo su nan take, domin ba shi da abin ɓoyewa. Wanda ya hau ku da faɗa don kun tambaya ya riga ya ba ku amsa, sai ku mayar masa da kuɗinsa. Waɗanda za su karanta allon nan iyayenmu ne da ƙannenmu, da ɗan albashin da suka yi wata guda suna jira.