Shafin PDF: Rubutu Ne Ko Hotonsa?

Kallon shafi ba ya isa a yanke hukunci a kan fayil ɗin PDF, domin takardar da aka ɗauki hotonta da na'urar sikana takan fito tsaf kamar wadda aka rubuta a kwamfuta, alhali babu harafi ko ɗaya a cikinta da manhaja za ta iya karantawa. Gwajin da ya fi sauri shi ne mai karatu ya zaɓi kalmar da idonsa ke gani a shafin, ya danna `Ctrl+F` ya neme ta. Idan manhajar ta haskaka ta, akwai rubutu, idan kuwa ba ta same ta ba, mai yiwuwa hoto ne zalla. Sai dai dogaro da wannan kaɗai sakaci ne, saboda wasu fayilolin hotuna ne da aka shimfiɗa musu ɓoyayyen rubutu ta hanyar OCR, wato fasahar gane haruffa daga hoto, wadda takan yi tuntuɓe a kan haruffa masu ƙugiya, ta mayar da "ƙasa" ta koma "kasa". Saboda haka wajibi ne a kwafi sakin layi guda, a liƙa shi a Notepad, a gwada shi da abin da ke shafin.