Kashi 25 ya hau, kashi 25 ya sauka: mun koma inda muke?

Yau za mu ɗauko wata magana da ake yawan ji a kasuwannin Damargu, daga Tanut zuwa Bakin Birji har Belbeji. Za ku ji ɗan kasuwa ya ce: "Hatsi ya hau da kashi 25 cikin 100, ya kuma sauka da kashi 25, ai ya koma kuɗinsa na da." Maganar tana da daɗin ji, don kunne ya ji 25 sau biyu. Amma ƙungiyar da ta sayar da hatsinta a kan wannan magana, za ta buɗe akwati ta tarar da giɓi.

Bari mu bi lissafin sannu a hankali. A ce ƙungiya ta sayi buhu 20 na hatsi da kaka, kowane buhu jika 24. Kuɗin da ya fita daga asusu ke nan jika 480. Kashi 25 cikin 100 shi ne rubu'i, wato a raba abu gida huɗu a ɗauki ɗaya. Da rani ya yi nisa, buhu ya hau da rubu'i. Rubu'in jika 24 jika 6 ne, buhu ya kai jika 30. Ƙungiya ta ce a dakata, wataƙila ya ƙara hawa. Sai aka buɗe sayar da hatsi a farashi mai rahusa, ko damina ta yi kyau masu ajiya suka fiddo nasu, buhu ya sauka da rubu'i.

To, a nan gizo ke saƙa. Rubu'in me aka cire? Ba na jika 24 ba, don wannan farashi ya wuce. Na jika 30 ne, kuma rubu'in 30 jika 7 ne da rabi. Buhu ya dawo jika 22 da dala 100. A kowane buhu an rasa jika 1 da rabi, a buhu 20 an rasa jika 30. Ya fi kuɗin buhu guda cur, tun ba a sa kuɗin amalanke da na buhunan kansu ba.

Dalilin bai da wuya. Kashi cikin ɗari ba awo ba ne mai tsayayyen girma kamar tiya. Rabo ne, kuma girman rabo yana bin girman abin da aka raba. Rubu'in babban masaki ya fi rubu'in ƙaramar ƙwarya. Da farashi ya hau, daga ƙaramin kuɗi aka ɗauki rubu'i. Da ya sauka, daga babban kuɗi aka yanke shi. Dole abin da aka yanke ya fi abin da aka ƙara.

Wadda ba ta karatu ma za ta iya gani da idonta ranar zubi. A zuba tsakuwa 16 a kan tabarma, a raba gida huɗu, kowane gida 4. A ƙara 4, sun zama 20. A sake raba 20 ɗin gida huɗu, yanzu kowane gida 5. A kwashe gida ɗaya. Saura 15. Mun fara da 16, ga guda ta ɓace, kuma ba wadda ta ɗauka.

Wata za ta ce, to in saukar ce ta riga zuwa fa? Duk kanwar ja ce. Buhun jika 24 ya sauka da rubu'i, ya koma jika 18. Ya hau da rubu'i, amma rubu'in 18 jika 4 ne da rabi. Ga mu a jika 22 da rabi, daidai inda muka tsaya ɗazu. Kafin buhun jika 18 ya koma 24 sai ya ƙara jika 6, wato sulusin 18, fiye da kashi 33 cikin 100.

Akwai gajeriyar hanya ta sanin girman giɓin. Ki ninka kashin da kansa, ki raba da 100. In kashi 10 ne, 10 sau 10 ɗari ne, giɓi kashi 1 cikin 100. In 20 ne, giɓi kashi 4. In 50 ne, giɓi kashi 25. Shi ya sa ba a cika lura da shi a ƙaramin motsi ba, amma a shekarar da farashi ke tsalle yana cizo. Manyanmu sun ga haka a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da kashi 50 cikin 100. Faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Daraja ta faɗi da rabi, amma kuɗin sayen faran ya hau da kashi 100, ninki biyu ke nan.

Wannan lissafi yana shiga har cikin akwatinmu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, zubi ne da ba da bashi daga asusu, kuma ƙungiyoyi da yawa suna ɗora kashi 10 a kan bashin. A ce an ba mambobi jika 100, sun dawo da jika 110. Ranar lissafi ana so a ware riba daga uwar kuɗi. In aka ce "kashi 10 muka ɗora, a cire kashi 10", jika 11 za a cire, uwar kuɗi ta koma jika 99. An ci jika 1 daga jari da sunan riba. Hanyar daidai ita ce a raba abin da ya dawo gida 11: gida 1 riba, gida 10 uwar kuɗi. Ko kuwa, mafi sauƙi, a duba nawa aka bayar tun farko, a ware shi, abin da ya rage shi ne riba.

To yaushe maganar "ya koma inda yake" take gaskiya? In kuɗi ɗaya aka ƙara aka kuma cire. Jika 6 ta hau, jika 6 ta sauka, an koma 24 babu gardama. Sai dai jika 6 daga cikin 30 kashi 20 ne, ba 25 ba. Haka ma in an yi sharaɗi tun farko cewa duk kashin a kan kuɗin asali za a lissafa shi, hawa da sauka. In ba a faɗi haka ba, a rediyo ne ko a bakin dillali, sauka daga sabon farashi ake aunawa.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da zancen kashi, ku tambaye shi: "Malam, kashi 25 na nawa?" Ku sa ya faɗi farashin buhu da jika da dala. Mai rubutu ta ƙungiya kuma ta riƙa sa kuɗin saye a littafi ranar da aka saya, haɗe da kuɗin ɗauko da na ajiya. Ranar sayarwa, da wannan adadi za a gwada tayin ɗan kasuwa, a gaban shugaba da ma'ajiya da sauran mambobi, kafin a ce an sallama.

Allah ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba.